Karatu ɗaya, fitowa uku: yadda ake yanka wa'azi ba a sa wa Malam magana a baki ba

*Assalamu alaikum Yaya. Ni ke ɗaukar karatun da Malam yake yi bayan La'asar a masallacin unguwarmu a nan Daura. Kwamiti sun ce daga karatu ɗaya in riƙa fitar da gajeren bidiyo na TikTok da sitatus, da dogo na YouTube, da kuma sauti zalla saboda WhatsApp da dattawa masu ƙaramar waya. Abin da nake yi, in yanko minti ɗaya daga tsakiya, sannan in zare sautin dogon in tura. Gajeren ba ya tafiya, na sautin kuma ana ce mini ba a gane wasu wurare. Mako mai zuwa Malam zai yi bayanin zakkar fidda kai. Ta ina zan ɓullo wa abin?*

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan hidima.

Na ɗauki shekaru ina wannan aikin a Katsina, daga ɗaukar tafsirin azumi zuwa haɗa sauti don rediyo, kuma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne wannan: mutum uku daban kake yi wa aiki, kuma babu wanda zai ga abin da ɗan'uwansa ya gani. Mai kallon gajeren bidiyo yana tsaye ne a bakin titi yana jan allon waya da babban yatsa, bai san Malam ba, bai nemi karatun ba, faɗo masa ya yi. Mai kallon dogo shi ya zo da ƙafarsa, ya rubuta abin da yake nema, ya yarda ya kashe datarsa. Mai sauraron sauti kuwa idonsa na wani wuri: tana tuƙa tuwo, ko yana kan mashin a hanyar Mai'adua, ko tsoho ne da wayar maɓalli da jikansa ya tura masa ta Bluetooth. Kowane ɗaya daga cikin ukun dole ya tsaya da ƙafarsa, ya zama gaskiya shi kaɗai, kamar sauran biyun ba su wanzu ba. Kada ka taɓa cewa "ai cikakken yana YouTube". Mafi yawan waɗanda guntun zai isa gare su ba za su taɓa buɗe cikakken ba, kuma abin da suka ji a sakan 50 shi za su ɗauka a matsayin fatawar Malam.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a kunna kyamara. Ka je wurin Malam kwana ɗaya ko biyu kafin karatun, ka durƙusa ka ce: "Allah Ya gafarta Malam, a wannan babin waɗanne abubuwa uku ne kake so ko mutum bai ji komai ba ya ji su?" A zakkar fidda kai kusan na san amsar: nawa ake fitarwa, yaushe ake fitarwa, wa ake fitar wa. Sai ka roƙe shi abu biyu. Na farko, idan ya gama kowace gaɓa ya dunƙule ta cikin jimla biyu ko uku cikakku, yana ambaton sunan abin, ba "ita" ko "wannan" ba. Na biyu, idan aka yi tambaya daga cikin sahu ya maimaita ta da bakinsa kafin ya amsa, domin makirfo ba ya kamo mai tambaya. Malamai da yawa suna yin na farkon da kansu, ɗabi'ar karantarwar zaure ce: a kawo nassi, a fassara, a yi sharhi, a ce "to ka ga ke nan". Wannan "to ka ga ke nan" ɗin nan ne gajeren bidiyonka yake kwance.

Sai ɗauka. Sauti ne uban tafiya, domin shi kaɗai ne yake cikin duka ukun. Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da muryar da ke amsa-kuwwa. Wayar da ka kafa a sahu na uku ba muryar Malam take ɗauka ba, lasifika take ɗauka da bango da fanka da tarin jama'a. Ka sami ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓar Malam, a kan babbar riga ba ƙarƙashinta ba, nesa da inda rawani ko carbi zai riƙa gogarsa. In ba mara waya ba ne, ka haɗa shi da wata waya ta biyu ka sa a aljihun Malam, ka saka ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗaukar. In masallacin na da mikisa za ka iya jawo sauti daga gare ta, amma ka sa iyafis ka saurara tukuna: in ka ji wani gunji a ƙasa wanda ba ya tsayawa, na wuta ne ko janareta, gara makirfon wuya. Kafin a fara, ka ɗan ƙwanƙwasa makirfon da yatsa sau biyu a gaban kyamara. Wannan ƙwanƙwasar ce za ka nema a editin ka jera sauti da hoto a kanta. Bayan ka jera, ka je can ƙarshen bidiyon ka duba leɓen Malam, don wayoyi biyu kan ɗan saɓa wa juna a karatu mai tsawo. In sun saɓa, ka yanka a tsakiya inda ya yi shiru ka sake jerawa.

Wayar ɗauka kuma ka kwantar da ita, kada ka tsayar. Daga kwantaccen hoto ana iya fitar da tsayayye, amma daga tsayayye ba ka da dogon bidiyo mai kyau. Sai dai akwai lissafi a nan da ya kamata ka sani. Kwantaccen hoto na 1080p faɗinsa 1920 ne, tsayinsa 1080. In ka yanko tsakiyarsa ya zama 9:16, wato tsayayyen hoto, abin da ya rage faɗinsa kusan 608 ne kacal, ga shi ana son 1080 a faɗi da 1920 a tsayi. Manhaja za ta buɗa shi da ƙarfi, shi ya sa fuskar Malam ke fitowa kamar an shafa mata mai. In ka ɗauka da 4K, wato 3840 da 2160, yankan tsakiya zai ba ka faɗin 1215, ya wadatar har da saura. Kuɗin da za ka biya shi ne wuri da zafi: 4K na iya cin MB 300 ko fiye a minti guda, karatun minti 40 zai kai GB 12 ko fiye, kuma a zafin bazara na Daura waya kan yi zafi ta yanke ɗauka da kanta. In wayarka ba za ta jure ba, ka tsaya a 1080p ka matso kusa, Malam ya cika tsakiyar hoton daga ƙirji zuwa sama, ka bar ɗan fili a kan hularsa. Ko kuma, wanda na fi so: bayan an tashi, ka roƙi Malam minti biyar, ka tsayar da waya, ya faɗi gaɓoɓin nan uku kai tsaye yana duban kyamara. Wannan ya fi kowane yanka tsafta, kuma Malam da kansa ne ya zaɓi kalmominsa.

Bari mu ɗauka karatun ya yi minti 38. Kafin ka taɓa CapCut ko KineMaster, ka zauna da biro da takarda ka saurare shi daga farko har ƙarshe, kana rubuta lokaci. Misali: daga farko zuwa 4:10 hamdala da jiran jama'a su zauna; 4:10 hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya farlanta sa'i ɗaya na dabino ko sha'ir a kan ɗa da bawa, namiji da mace, yaro da babba daga Musulmi; 9:30 wanda mai gida zai fitar wa; 14:20 ma'auni, inda Malam ya ɗaga mudu yana nunawa; 19:00 irin abincin da za a bayar; 22:40 saɓani a kan ba da kuɗi; 27:15 lokaci; 31:00 tambayoyi. Wannan takardar ita ce taswirarka, daga ita ukun za su fito.

Na fara da dogon domin shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne asalin da za a koma wa in an yi gardama. Aikinka a nan shara ce kawai, ba gini ba. Ka cire jiran farko, da gyaran lasifika, da inda wuta ta ɗauke, da sanarwar kwamiti. Hamdala da salati ka bar su. Kada ka sauya jerin karatun, kada ka bi kana tsince kowane numfashi. Malam yakan yi shiru ne don magana ta zauna, in ka cire shirun karatun zai koma kamar sanarwar kasuwa. Minti 38 zai dawo kamar 33. A wurin tambayoyi ka kula da mutuncin mutane: in wani ya ambaci sunansa ko ya kawo matsalar gidansa, ka yanke muryarsa ka bar maimaitawar Malam, kuma kada ka juya kyamara kan fuskokin jama'a ba su sani ba. Take ka rubuta shi yadda mai nema zai rubuta, kamar "Zakkar fidda kai: ma'auni, lokaci da hukuncin ba da kuɗi", sannan sunan Malam. "Karatu na 27" ba wanda zai nema. A bayanin ƙasan bidiyo ka zuba lokutan nan, bayan ka gyara su daidai da sabon tsawon, YouTube zai raba bidiyon babi-babi. Sharaɗinsa na farko ya fara da 0:00, su kai uku aƙalla, kowanne kada ya gaza sakan 10:

```
0:00 Gabatarwa
1:05 Hadisin Ibn Umar
6:25 Wa ake fitar wa
11:15 Ma'auni
19:35 Ba da kuɗi
24:10 Lokacin fitarwa
```

Yanzu gajere, inda haɗarin yake, kuma a nan zan daɗe.

Ka duba 22:40 a takardarka. Malam zai ce wani abu kamar haka: Imam Abu Hanifa da mutanensa sun halatta a ba da ƙimar abincin da kuɗi, suna duba abin da ya fi amfani ga talaka, Malik da Shafi'i da Ahmad kuwa sun tsaya a kan abinci. Sannan ya faɗi wanda shi ya rinjayar da dalilinsa. Malami na gaskiya in yana kawo ra'ayin da ba nasa ba yakan kawo shi da ƙarfinsa, da hujjarsa, har ka zaci nasa ne. Wannan wurin shi ne mafi zafi a duk karatun, muryarsa ta tashi, hannu na motsi, kuma shi ne idon mai editin zai fara kai wa. In ka yanka daga 22:55 zuwa 23:45 ka sami bidiyo mai jan hankali wanda Malam ke cewa ya halatta a ba da kuɗi, alhali a 24:30 ya ce shi bai tafi a kan haka ba. Ba ka ƙara masa kalma ko ɗaya ba, amma ka yi masa ƙarya. Tun muna allo ake ba mu misalin wanda ya karanta "fawailun lil musallin" ya tsaya, bai ƙarasa zuwa waɗanda suke shagala daga sallarsu ba. Almakashin editin haka yake yi.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina, a wata mas'ala ta daban. Na yanko inda wani malami yake hakaito maganar waɗanda yake yi wa raddi, na saka ba tare da na koma na ji abin da ya biyo baya ba. Kafin gari ya waye guntun ya zaga, har daga Maraɗi aka kira shi ana tambaya ko ya sauya matsayi. Na goge nawa, amma wanda ke cikin wayoyin mutane ba ni da iko da shi. Malamin bai yi mini faɗa ba, ya dai ce in riƙa kawo masa kafin in saki. Har yau in na tuna sai na ji nauyin abin.

Tun daga nan nake gwada kowane guntu da tambayoyi uku kafin ya fita. Maganar wa ce wannan, ta Malam ce ko yana hakaito ta wani? Akwai "amma", "sai dai", "in har", "matuƙar" a cikin minti ɗaya ko biyu da suka biyo bayan inda na yanka? Kuma in wanda bai taɓa jin karatun ba ya yi aiki da wannan guntun kaɗai, zai yi daidai? Ta ukun ita ce alƙali. Hanyar gwada ta kuwa mai sauƙi ce: ka ba wani a gida wanda bai je karatun ba ya kalla sau ɗaya, ka ce ya faɗa maka abin da Malam ya ce. In abin da ya faɗa ya saɓa da matsayin Malam, guntun bai yi ba, komai kyansa. Mas'alar kuɗin nan, a ganina, kada ma ka yi mata gajeren bidiyo ta hanyar yanka. Ko dai Malam ya zauna ya faɗe ta musamman cikin minti ɗaya, ɓangarori biyu da matsayinsa, ko a bar ta a dogo. Ba kowace mas'ala ce ke shiga sakan 60 ba, kuma rabon gado da saki sun fi wannan tsanani.

Wadda ta dace da gajere ita ce ta ma'auni, 14:20. Tana da tambaya ɗaya, amsa ɗaya, da abin gani. Ga yadda zan gina ta. Sakan biyu ko uku na farko su ne ke yanke hukunci ko mutum zai tsaya, don haka ba za a fara da sallama da jero sunayen kwamiti ba. A fara da Malam yana tsakiyar aiki, mudu a hannu, rubutu a sama: "Mudu nawa ake fitar wa mutum ɗaya?" Sai amsa nan take da bakinsa: sa'i ɗaya, wato mudu huɗu da mudun Annabi (SAW). Sai gargaɗin da dole ya shiga, cewa ba mudun kasuwa ko tiya ake nufi ba, domin mutumin da ke awo a kasuwar Daura in ya ji "mudu huɗu" wani abu daban zai fahimta. Sai misali: mai gida da matarsa da 'ya'ya huɗu, mutum shida ke nan, sa'i shida, mudun Annabi 24. A rufe da sunan Malam da inda cikakken karatun yake. Duka sakan 45 zuwa 55. YouTube Shorts na karɓar har minti uku tun Oktoban 2024, TikTok ma ya wuce haka, amma ka tsaya ƙasa da minti ɗaya don fayil guda ya shiga ko'ina, har sitatus ɗin WhatsApp, ba tare da an datse shi biyu ba. In sitatus ya datse maka bidiyo, rabin farko ne ake kallo, sharaɗin kuma yana rabi na biyu.

An yarda ka haɗo jimla daga 14:30 da wata daga 17:50 in duk a kan mas'ala ɗaya suke kuma ba ka sauya jerinsu ba. Amma kada ka ɓoye ɗinkin. Ka bar yankan ya fito, ko ka ɗan matso da hoton a wurin, don mai kallo ya san an tsallake wani abu. Aya da hadisi kuma ba a yanka su a tsakiya. In ba za su shiga cikakku ba, ka bar fassarar Malam ka rubuta inda nassin yake a allo.

Rubutun kan allo ba ado ba ne, da yawa suna kallo ne ba sauti, a shago ko cikin mota. Ka rubuta abin da Malam ya faɗa da hannunka, layi biyu a lokaci guda, kalma huɗu zuwa shida a layi. Ka ajiye shi a tsakiya, daidai ƙirjin Malam, saboda ƙasan allo sunan shafi da bayani suna rufe shi, gefen dama kuma maɓallan so da turawa ne. Ka gwada salon rubutun da kalmomin "ƙasa, ɗaya, ɓata" kafin ka fara, da yawa daga masu ƙyalƙyali ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai su fito da akwati ko su sauya kama a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wa'azi: "kasa" da "ƙasa" ba ɗaya ba ne, haka "bata" da "ɓata". Larabci kuma wasu manhajoji sukan wargaza haruffansa ko su juya shi. Ka kwafo daga ingantaccen mushafi, ka nuna wa mahaddaci kafin ka saki. Sunan Malam ya zauna a jikin hoton daga farko zuwa ƙarshe, ƙarami, domin in aka sauke bidiyon aka tura a WhatsApp duk bayanin da ka rubuta a ƙasa ya tafi. Kuma don Allah kada ka shimfiɗa wani sauti a ƙarƙashin muryar Malam, balle ƙarƙashin karatun Alƙur'ani, ko ka sa take mai tayar da hankali irin "Malam ya fasa ƙwai". Zai kawo masu kallo, amma irin waɗanda rigima suka zo nema.

Na sauti ya fi yadda ake zato wuya, kuma ƙorafin da ake yi maka na san daga inda yake. A 14:20 Malam ya ɗaga mudu ya ce "kamar wannan, a cika shi haka, sau huɗu". Mai kallo ya gane sarai. Tsohuwar da ke saurare a Zango ba ta ga komai ba. Ka rufe ido ka saurari karatun, duk inda ka ji "wannan", "nan", "haka", "kun gani" ka yi alama. Maganinsa ka koma wurin Malam da makirfon nan dai, a ɗaki mai shiru, ya ba ka jimla ɗaya da za ka dasa a wurin: mudun Annabi shi ne cikin tafin hannu biyu a haɗe na matsakaicin mutum, sa'i kuma irin wannan sau huɗu. In Malam bai samu dama ba, ka faɗa da muryarka, amma ka fara da "bayani daga mai ɗauka" don kada a jingina masa.

Abu na biyu, sauti ba ya mutuwa. Yana zama a memori, masu tura karatu a bakin kasuwa su kwafe shi, ya tsallaka Kongolam ya shiga Damagaram, ya dawo maka bayan shekara uku ba suna ba kwanan wata. In Malam ya ce "jibi Sallah, daga yau za ku iya fitarwa", ko ya ambaci farashin tiyar gero ta bana, wanda ya ji shi a wata shekarar ranar goma ga azumi zai ruɗe. Don haka ka buɗe da sakan goma na magana: sunan Malam, gari, maudu'i, Ramadan na shekara kaza. Ka maimaita a taƙaice a ƙarshe. Inda ya ce "jibi" ka zaɓi wurin da ya faɗi ƙa'idar kanta, cewa a fitar kafin a tafi idi, kuma an yi rangwamen gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. Farashi kuwa ka cire shi daga na sauti gaba ɗaya. Sunan fayil ma ya yi magana, ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba saboda ƙananan wayoyi da rediyon memori ba sa nuna su: `zakkar-fidda-kai_Daura_1447.mp3`.

Tsawonsa ni nakan tsaya tsakanin minti 10 da 15, in karatun ya fi haka in raba shi gaɓa-gaɓa, kowace da buɗewarta. A naka zan haɗa hadisin, wanda ake fitar wa, ma'auni da lokaci, in tace su har su dawo kamar minti 12, mas'alar kuɗi kuma ta zama fayil na biyu, cikakkiya daga farkonta har matsayin Malam. Ka fitar da MP3, domin shi ne kowace waya da rediyon mota ke karantawa. Saƙon murya na WhatsApp da wani tsari yake fita wanda ƙananan wayoyi da yawa ba sa buɗewa. Murya ba ta buƙatar nauyin da ake ba waƙa: 64 kbps a layin sauti ɗaya, wato mono, ya isa, kusan rabin MB ke nan a minti, minti 12 bai kai MB 6 ba. In kana da kwamfuta da manhajar ffmpeg, bayan ka gama yanka, wannan layin zai cire hoto, ya rage gunjin ƙasa, ya daidaita ƙarfin murya:

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -ac 1 -af "highpass=f=80,loudnorm=I=-16:TP=-1.5" -ar 44100 -b:a 64k karatu.mp3
```

In babu kwamfuta, Lexis Audio Editor a waya zai yi maka yanka da daidaita murya da fitar da MP3. Daidaitawar tana da muhimmanci saboda Malam yakan sassauta murya a nasiha ya ɗaga ta a gargaɗi, mai saurare a kan mashin ba zai riƙa ƙarawa da ragewa ba. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne maɓallin rage hayaniya. In ka matsa masa da yawa muryar za ta koma kamar daga cikin randa, kuma abin da yake fara ci shi ne haruffa masu iska irin sin da ha, waɗanda karatun aya ke buƙata. Ɗan ƙarar fanka a baya ya fi ayar da aka cinye wa haruffa. Gwajin ƙarshe kada ka yi shi da iyafis mai tsada. Ka tura fayil ɗin a wayar maɓalli, ka fita ƙofar gida inda mashina ke wucewa, ka kunna. In ka ji kowace kalma a nan, ya yi.

Wajen saki, dogon ne ke fara hawa, don in gajeren ya fita a sami inda za a nuna wa mai neman ƙarin bayani. Sauti ya biyo a daren, gajerun kuma ɗaya a rana: ma'auni yau, wanda ake fitar wa gobe, lokaci jibi. Tunda zakkar fidda kai lokacinta ƙurarre ne, ka roƙi Malam ya yi karatun da sauran kamar mako guda kafin Sallah, don na ƙarshen ya fita mutane ba su riga sun auna hatsinsu ba. Kafin kowanne ya fita ka kai masa wayar ya kalla ya saurara da kansa. Duka gajerun uku ba su kai minti uku ba, ko tsakanin alwala da tayar da iƙama zai iya dubawa. Asalin ɗaukar kuma, wadda ba a taɓa ba, ka kwafe ta a memori ko kwamfutar wani ɗan kwamiti ka rubuta kwanan wata a kai, kada ka goge ta don neman wuri a waya.